Taima tana gudu kai kana masallaci: wane minti ne naka, wane ne na mai aiki?

Autanmu ne ya janyo wannan rubutun. Wata uku kenan da ya samu aikin shigar da bayanai a intanet, ana biyansa dala 6 a awa, yana yi daga ɗakinsa a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma akwai taima da yake kunnawa a laftof idan ya fara. Ranar wata Laraba na leƙa wajensa bayan Azahar, ɗakin a buɗe, fanka tana juyi, kwanon shinkafa da wake a gefe, shi kuma ya tafi masallaci, amma taimar nan tana ta ƙirga sakan kamar yana zaune. Da ya dawo na ce masa auta wannan fa? Ya ce "Yaya ai salla na je, kuma ko a ofis ma ai ba a yanke wa mutum albashi don ya je salla." Ba da niyyar cuta ya faɗa ba, har zuciyarsa haka ya fahimta, kuma na san da yawa cikin yaranmu da ke irin wannan aikin haka suka ɗauka. Shekara huɗu ina aikin awa ina kuma duba takardar lokacin wasu, to bari in warware yadda na fahimci abin.

Farko dai ma'aikacin ofis da mai aikin taima ba abu ɗaya suke sayarwa ba. Na ofis an ɗauke shi ne a wata, an san zai yi salla, zai ci abinci, zai gaisa da mutane, duk an dunƙule cikin albashi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma a sashe na 13 ta ce duk ma'aikacin da zai yi awa 6 ko fiye a rana dole a ba shi hutu a tsakani, sau ɗaya ko a rarrabe, wanda jimillarsa ba ta gaza awa 1 ba, kuma ta bayyana hutun da cewa lokaci ne da aka tsayar tun kafin a fara, mutum yana da ikon yin abin da ya ga dama da shi, ba dole ya zauna a wurin aiki ba. Kaga hutu haƙƙi ne, babu mai cewa kar ka huta. Amma mai taima minti yake sayarwa, taimar nan ita ce mudunsa, kamar yadda mai masara a Dawanau yake awo. Idan ka ce wa mutum ga awa takwas, abin da ya ji shi ne awa takwas ka yi kana kan aikinsa. In ka cusa salla da abinci da hira a ciki ba tare da ya sani ba to mudun ya tauye, kuma mu nan ba sai an yi mana dogon wa'azi a kan tauye mudu ba, tun muna Islamiyya muka san hukuncinsa.

Sai na ce masa mu zauna mu lissafa ranar gaba ɗaya, minti da minti, saboda in ba a sa lamba ba kowa gani yake ai ɗan kaɗan ne. Ya kunna taima ƙarfe 9:00 na safe ya kashe 5:00 na yamma, wato minti 480. Ƙarfe 11:10 aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗinsa ya mutu tuntuni ba ya riƙe caji, ya fita ya tayar da janareta, sai da ya nemo mai a galan, bai dawo kan aiki ba sai 11:32, minti 22 kenan, ita kuma taimar tasa a shafin intanet take gudu don haka ko kwamfuta ta mutu ba ta tsayawa. Azahar da cin abinci daga 1:20 zuwa 2:05, minti 45. Wajen ƙarfe uku abokinsa ya yi sallama a ƙofar gida suka tsaya minti 18. La'asar minti 15. Haɗa su, 22 da 45 da 18 da 15, minti 100 cif. Cire daga 480 saura 380, wato awa 6 da minti 20. Kuɗin awa takwas dala 48 ne, kuɗin abin da ya yi da gaske dala 38. Dala 10 a rana ɗaya. In haka yake kullum, kwana biyar dala 50, sati huɗu dala 200. Da ya ga lambar sai ya yi shiru, ya ce wallahi shi a ransa bai kai rabin awa ba.

A nan akwai wani ɗan tarko da yake cin mutane ta ɗaya ɓangaren, gara in faɗa tun ban manta ba. Awa 6 da minti 20 ba 6.20 ba ne. Awa minti 60 ce ba 100 ba, don haka minti 20 kashi ɗaya cikin uku ne na awa, 6.33 kenan. Wanda ya rubuta 6.20 ya ninka da 6 zai samu dala 37.20 maimakon 38, ya cuci kansa da hannunsa. Kullum ka mai da komai minti ka raba da 60, in a Excel ko Google Sheets kake, lokacin farawa a A2, na tashi a B2, mintunan hutu a C2:

```
=(B2-A2)*24-C2/60
```

sai ka tabbatar gidan amsar an saita shi a Number ba Time ba, in ba haka ba zai nuna maka wata lamba da ba ta da kai.

To amma ba duk tashi daga kujera ne ake tsayar wa taima ba, kuma nan ne maganar take da ɗan zurfi. A ranar nan autan ya shiga bayi sau biyu, ya tashi ya ɗebo ruwa a randa, ya miƙe ya ɗan taka saboda bayansa ya riƙe, kowanne minti biyu zuwa huɗu. Waɗannan ban cire masa ba, saboda a yarjejeniyarsu an rubuta cewa gajeren hutu da bai wuce minti 5 ba yana cikin aiki. Masu ba da aiki da yawa haka suke ɗauka, musamman na Amurka, don a dokarsu ta tarayya gajeren hutu na minti 5 zuwa 20 ana lissafa shi cikin lokacin aikin ma'aikaci, shi kuma hutun abinci na minti 30 ko fiye ba dole a biya ba matuƙar an sake ka gaba ɗaya. Sai dai a kula, wannan dokar ta ma'aikatansu ce da suka ɗauka a can, ba ta hau kan ɗan Kano mai kwantiragin kansa ba, na kawo ta ne don ka gane daga inda tunaninsu yake fitowa. Wani mai aikin zai ce minti 5, wani 10, wani ya ce ko tashi za ka yi ka danna Pause. Abin da ya halatta mintin shi ne ya sani kuma ya yarda, shi ya sa tambayar farko da nake sa kowane sabon yaro ya yi kafin ya fara ita ce hutun minti nawa ne yake cikin lissafi, kuma amsar ta zo a rubuce, ba a kiran waya ba.

Maganar salla kuwa kar ka ɓoye ta, kar kuma ka ji kunya. Ni tun ranar farko nake rubuta musu cewa ina tashi sau biyu a cikin yini, wajen 1:20 na kusan minti 45 da wajen ƙarfe 4 na minti 15, ranar Juma'a kuma na fi daɗewa, kuma a duk lokutan taima a tsaye take. A iya shekarun da na yi ban taɓa rasa aiki saboda wannan saƙon ba, har ma yana sa su daina turo abu na gaggawa a lokacin. Kuma ni a ganina akwai nauyi sosai mutum ya tsaya gaban Allah alhali a ɗaki ana ƙirga masa kuɗin da bai yi aikinsa ba.

Sai jira. Wannan shi ne wanda ake yawan rigima a kai. Da safiyar ranar, wajen ƙarfe goma, shafin da autan yake shigar da bayanan ya tsaya, daga ɓangarensu ne, shugabar aikin ta rubuto cewa kowa ya zauna kusa yanzu za a gyara, aka ɗauki minti 25. Wannan ban cire ba, don ba shi ya tsayar da aikin ba kuma an ce ya zauna, bai isa ya tafi kasuwa ba, lokacinsa yana hannunsu. Da ce masa aka yi je ka sai ƙarfe biyu ka dawo, to ya zama lokacinsa, sai ya tsayar. Wutar da aka ɗauke kuwa da netwok ɗin da yake yankewa a unguwa, wannan namu ne, wanda ya ba ka aikin bai saya ba. Na san da ciwo, ba laifinka ba ne aka ɗauke wuta, amma shi ma ba laifinsa ba ne, kuma tela ba ya cajin mai kaya kuɗin awannin da ya yi yana jiran wuta. Maganinsa ka saka kuɗin mai da data da gyaran batir cikin farashin awarka tun wajen ciniki.

Haka kuma tunani aiki ne. Mai fassara da ya jingina da kujera minti shida yana juya jimla ɗaya a kansa, ko mai karanta ƙa'idojin aiki shafi goma bai taɓa kibod ba, yana kan aiki, kar ya tsayar da taima don tsoron za a ga bai motsa ba. Abin da zai yi shi ne ya rubuta a wurin bayani cewa karatun ƙa'idoji yake.

Wannan ya kawo mu kan abin da manhajojin suke gani, don wasu gani suke ba wanda zai sani. A Upwork, shafin da ake samun aiki a intanet, manhajar kwamfuta tana yanka lokaci gida-gida na minti 10 a cikin Work Diary, wato takardar lokacinsu, a kowane gida tana ɗaukar hoton allonka sau ɗaya a lokacin da ba ka sani ba, tana kuma ƙirga yawan danna kibod da maus. Hubstaff ma tana fitar da kason motsi cikin ɗari, tana iya ɗaukar hoton allo in mai aikin ya kunna. Toggl Track da Clockify a manhajarsu ta kwamfuta suna iya lura ka daɗe ba ka taɓa komai ba, in ka dawo su tambaye ka a bar lokacin ko a zubar, kuma wannan tambayar ita ce ainihin jarrabawar, don ba kowa a ɗakin sai kai. Ni da nake duba takardun wasu, ba motsi kaɗan ne yake ɗaga min hankali ba, abin da nake kallo shi ne hoto huɗu a jere duk shafi ɗaya, layi ɗaya, ba abin da ya ƙaru, ko kuma awa takwas a taima amma aikin da aka miƙa na awa shida ne, ko tarihin gyara na Google Docs ya nuna ba a taɓa fayil ɗin ba daga 1:20 zuwa 2:05 alhali taima ta ce ana aiki. Ba a cika kama mutum a ranar farko ba, sai an tara sati uku ana kallo, rana ɗaya kawai ka ga an rufe kwantiragi ba dogon bayani.

Masu sayen ɗan abin nan da yake motsa maus da kansa, ko su saka manhajar da take yi, su sani wannan ya wuce mantuwa ya zama shiri. Kuma yana da saurin ganewa, don hannun mutum ba ya motsi daidai wa daida na minti arba'in babu rubutu ko ɗaya. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma sha biyu bayan bincike kan zargin ƙirƙirar motsin kibod don a ɗauka suna aiki. Waɗannan ma'aikatan banki ne masu cikakkiyar takardar ɗauka, balle kai da ake iya sallama da danna maɓalli ɗaya, kuma abin da ya fi damuna shi ne in an kama ɗaya daga nan, sauran yaran da suka nemi aikin daga Najeriya su ma sai a fara yi musu wani kallo.

Yanzu ɗaya fuskar, wadda ba a cika magana a kanta ba kuma wallahi ta fi ba ni tausayi. Akwai masu tsayar da taima alhali suna kan aiki. Wata ƙanwarmu a Kabuga tana aikin rubuta abin da aka faɗa a sauti, kowane aiki da taimarsa, an ce musu ana sa ran minti 20 a kan kowanne. Ita kuma sautin da ake ba ta akwai hayaniya, mutum uku suna magana a tare, sai ta kai minti 30. Don kar a ce tana da nawa, da taima ta kai 20 sai ta danna Pause ta ƙarasa sauran goman a ɓoye. A rana tana yin guda 12, wato awa 6 take zaune amma awa 4 ake gani. In ka ɗauka dala 6 ce awa, dala 24 take karɓa a kan aikin awa shida, awarta ta koma dala 4 kenan ba tare da kowa ya rage mata ba. Ita gani take sadaukarwa ce, amma lambar da ta miƙa ba gaskiya ba ce, kuma cutar ba a kanta kaɗai ta tsaya ba. Masu aikin da waɗannan lambobin suke tsara komai, in sun ga kowa yana gamawa a 20 sai su ce ashe da sauƙi, gobe su mai da shi 18, wadda take rubuta 30 na gaskiya ita ce za ta zama malalaciya a idonsu. Na ce mata ki bar taimar ta faɗi abin da ya faru, ki rubuta dalili a gajarce, sauti mai hayaniya, masu magana uku, in an tara irin wannan bayanin daga mutum biyar shi ne zai sa a gyara ma'aunin. In kuma ƙa'idarsu ta ce ba a biyan abin da ya wuce 20, to ki sani a fili cewa haka cinikin yake, ki yanke shawara ko ya biya ki, amma kar ki gyara musu lamba.

Ita mantuwa kuma dole ce, kowa yana yi, ni ma na sha tashi in bar ta tana gudu. Abin da ya raba mai mantuwa da mai ha'inci shi ne abin da ya yi da ya tuna. In taimar tana bari a gyara, ka koma ka yanke mintunan a ranar, kar ka bari sai ƙarshen sati don ba za ka tuna ko 1:20 ka tashi ko 1:35 ba. A Upwork in ka goge gidan minti 10 daga Work Diary lokacinsa yana fita daga lissafi, kuma satinsu yana rufewa tsakar daren Lahadi wayewar Litinin agogon UTC, wato ƙarfe 1 na dare agogon Kano, don haka ni ranar Lahadi da yamma nake bin nawa gida-gida. In kuma akasin haka ne, ka dawo daga salla ka yi aikin awa guda ba ka kunna ba, haƙƙinka ne ka nema, amma ka sani lokacin da aka saka da hannu a Upwork sai mai aikin ya ba da dama, kuma ba ya cikin kariyar biyan kuɗin awa da suke bayarwa, don haka ka sanar da shi kafin ka saka, ka nuna masa abin da ka yi a awar. Dabarar da ta rage min mantuwa ba wata babba ba ce, takarda na liƙa a jikin ƙofar ɗaki daidai inda nake ajiye takalmi na rubuta "taima" da jan biro, ba na iya fita ban gani ba, sannan ina da ƙaramin littafi a gefen kibod da nake rubuta lokacin tashi da na dawowa.

Wani abin da na lura da shi, yawancin masu barin taima tana gudu ba su tsara hutunsu ba ne tun farko. Mutum ya ƙudurta zai zauna awa takwas a jere, jiki kuma ba ya yarda, wajen awa ta uku ido ya fara yaji, sai ya ɗauki waya "minti ɗaya", ya shiga WhatsApp, kafin ya farga minti ashirin sun tafi, kuma da yake bai kira shi hutu ba bai danna komai ba. Wanda ya san ƙarfe 11 zai tashi na minti goma ya sha iska, yana da sauƙi ya danna Pause don ya san me yake yi. Mu kam salloli sun riga sun yanka mana yini, abin da ya rage ka ƙara hutu ɗaya tsakanin safe da Azahar. In kana son awa takwas cikakku a taima to ka san zamanka zai kai awa tara da wani abu, ka fara kafin 8:00 ko ka wuce 6:00, wannan shi ne lissafin da autan bai yi ba.

A daren ya buɗe takardar lokacinsa ya cire minti 100 na Laraba, sannan ya koma baya iya kwanakin da zai iya tabbatarwa, yana duba lokacin da ya ajiye kowane fayil, ya rubuta wa shugabar aikin cewa ya gano yana barin taima lokacin salla da abinci, ga jimillar da ya lissafa, a cire daga biyan da ke tafe. Hannunsa har rawa yake da zai tura, ya ce "Yaya in suka kore ni fa?" Na ce masa zai iya faruwa, ba zan yi maka alƙawarin abin da ba a hannuna yake ba. Washegari da rana amsa ta zo, layi biyu ce, ta ce ta gani za a cire, kuma daga yanzu ya riƙa saka lokutan sallarsa a kalandar ƙungiya don kar a saka masa mitin a ciki.